Garin Zogale: Me Ke Cikin Cokali Ɗaya, Kuma Nawa Ya Kamata A Sha?

Zogale ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Asalin bishiyar daga arewacin Indiya take, amma ta daɗe da zama 'yar gida, ana dasa ta a jikin darni da bayan ɗaki, ana tsinkar ganyenta a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ko a zuba a dambu, ko a yi miyar gyaɗa da shi. A Jamhuriyar Nijar, musamman a Jiratawa kusa da Maraɗi, noman zogale sana'a ce sosai, kuma kasuwarsa takan buɗe ƙwarai a watan azumi. Abin da ya zo sabo shi ne garinsa da ake ƙullawa a leda, ko a cika roba da shi, ko a ɗura a kafso, a manna masa takarda mai jerin alkawura: wai ya ninka lemon zaƙi sau bakwai a bitamin C, ya ninka madara sau goma sha bakwai a kalsiyam, ya ninka alayyafo sau ashirin da biyar a sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Waɗannan alƙaluma ba a sama aka tsinto su ba, suna da tushe. Matsalar ita ce an lissafa su ne a kan giram ɗari, alhali abin da mutum yake sha cokali ne. Wanda ya fahimci wannan bambanci zai ci moriyar zogale yadda ya dace, ba zai kuma ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Inda alƙaluman suka fito

A ƙarshen shekarun 1990, wani Ba'amurke ma'aikacin agaji mai suna Lowell Fuglie ya jagoranci wani shiri a yankin Kasamans na kudancin Senegal, inda ake busar da ganyen zogale, a daka, a riƙa zubawa a abincin yara da masu shayarwa da ke fama da ƙarancin abinci mai gina jiki. Jadawalin da ya wallafa shi ne mafi yawan masu tallar garin zogale suke kwafa har yau. A cewar jadawalin, giram ɗari na garin yana ɗauke da furotin wajen giram 27, da kalsiyam miligiram 2,003, da sinadarin ƙarfe miligiram 28, da fotasiyam miligiram 1,324, da bitamin C miligiram 17.

Mu ɗauki maganar madara. Giram ɗari na madarar shanu yana da kalsiyam kusan miligiram 120. Idan aka raba 2,003 da 120, za a samu kusan goma sha bakwai, to daga nan aka samo wannan ninki. Sai dai madara kusan kashi tara cikin goma nata ruwa ne, shi kuwa garin zogale an riga an ƙafar da ruwansa. An gwada busasshen abu ne da mai ruwa. Mutum yakan shanye kofin madara a zama ɗaya ya samu kalsiyam wajen miligiram 300. Kafin ya samu haka daga garin zogale, sai ya haɗiye giram 15, wato kimanin cokalin shayi bakwai. Giram ɗari ɗin da aka yi lissafin da shi kuwa ya kai cokalin shayi hamsin, abin da babu mai hankalin da zai sha a rana ɗaya.

Maganar lemon zaƙi ta fi wannan rauni. Ninki bakwai ɗin an samo shi ne daga wani tsohon jadawalin abinci na Indiya wanda ya ba ɗanyen ganyen zogale bitamin C miligiram 220 a giram ɗari. Awon Ma'aikatar Noma ta Amurka ya ba ɗanyen ganyen kimanin miligiram 52 ne kawai, wato kunnen doki da lemon zaƙi. Ko ma wanne aka ɗauka, zancen na ɗanyen ganye ne. Bitamin C ba ya jure zafi da iska da haske, shi ya sa da an shanya ganyen an daka, abin da ya rage ba shi da yawa. Duk wanda ya rubuta ninki bakwai a jikin robar gari ya ɗauko lissafin wani abu ne ya liƙa wa wani.

Akwai kuma dalilin da ya sa awo ke bambanta daga wuri zuwa wuri. Zogalen da aka noma a ƙasa mai taki ba ɗaya yake da na jigawa ba, tsohon ganye ba ɗaya yake da sabon toho ba, kuma wanda aka shanya a rana ba ɗaya yake da na inuwa ba. Saboda haka duk adadin da aka gani a ɗauke shi a matsayin kintace.

Lissafin cokali ɗaya

Cokalin shayi da aka shafe bakinsa yana ɗaukar garin zogale kimanin giram 2. Babban cokalin cin abinci da aka ɗan yi wa tozo yana ɗaukar wajen giram 8. Mu ƙaddara wata mace ce mai shekara talatin, lafiyarta ƙalau, nauyinta kilo 60, ba ta da ciki, ba ta shayarwa, kullum tana zuba babban cokali ɗaya a kununta. Me take samu?

A furotin tana samun giram 2 da ɗan ɗoriya. Jikinta yana bukatar kimanin giram 48 a rana, ke nan cokalin bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na bukatarta ba. Ƙwai ɗaya yana ba da giram 6, daidai da irin wannan cokali uku. A fotasiyam tana samun kimanin miligiram 100, abin da rubu'in ayaba ɗaya zai ba ta. A bitamin C ba ta samun ko miligiram 2, alhali matsakaicin lemon zaƙi guda ɗaya yana da wajen 70. A waɗannan uku, cokalin bai taka wata rawa ba.

Inda ya yi ƙoƙari shi ne kalsiyam da bitamin A da sinadarin ƙarfe. Tana samun kalsiyam miligiram 160 daga cikin 1,000 da babba yake bukata, kusan kashi ɗaya cikin shida, daidai da rabin kofin madara. Tana samun sinadarin beta-karotin, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A, da zai rufe mata kusan kashi ɗaya cikin shida ko bakwai na bukatar yini, muddin garin sabo ne kuma kore. Tana samun sinadarin ƙarfe sama da miligiram 2 kaɗan, daga cikin 18 da ake so mace mai jinin al'ada ta samu. Wannan gudummawa ce ta gaske, musamman a gidan da abinci bai wuce tuwo da miyar da ba ta da nama ba, kuma da rani lokacin da ɗanyen ganye yake wuya. Amma gudummawa ce, ba ta maye gurbin wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono.

Abin da ke cikin ganye da abin da ke shiga jini

Ko waɗannan alƙaluma uku masu daɗin ji, akwai sauran magana a kansu. Abin da aka auna a ɗakin gwaji daban, abin da hanji yake iya tsotsa daban. Ganyen zogale yana ɗauke da wasu sinadarai biyu, ogzalet da fayitet, waɗanda ke ƙulle wani kaso na kalsiyam da sinadarin ƙarfe, su hana jiki ɗaukar su, sai su fita a bayan gida. Dama can sinadarin ƙarfen da ke cikin tsirrai bai kai na nama da hanta saurin shiga jini ba.

An gwada wannan a aikace a Dakar, a wani bincike da aka wallafa a 2011. An samu mata masu shayarwa da ke da ƙarancin jini, aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya ana ba su garin zogale giram ɗari kowane mako, ɗaya kashin ana ba su ƙwayar ƙarin jini ta asibiti, har tsawon wata uku. Jinin duka ɓangarorin ya ɗan hau, amma na masu shan ƙwaya ya fi hawa, kuma ajiyar sinadarin ƙarfe a jikin masu shan zogale ba ta ƙaru ba. Darasin a fili yake: wadda likita ya tabbatar tana da ƙarancin jini kada ta ajiye ƙwayarta ta koma zogale.

Akwai dabarun da ke ƙara yawan abin da jiki ke samu, kuma iyayenmu sun daɗe suna yin su. Beta-karotin sai da maiƙo yake shiga jiki da kyau, don haka man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da manja abokan tafiyar zogale ne. Bitamin C yana taimaka wa sinadarin ƙarfe ya shiga jini, don haka ɗanyen tumatir da tattasai, ko matsin lemon tsami, suna da amfani a kansa. Baƙin shayi kuwa akasin haka yake yi, yana rage tsotsar sinadarin ƙarfe, don haka a bar tazarar awa ɗaya ko fiye tsakaninsu. Kanwa da wasu ke jefawa a tukunya don ganyen ya yi laushi tana lalata wani ɓangare na bitamin ɗin.

Wannan ya kawo mu ga wani lissafi da ya kamata kowa ya sani. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen ganyen zogale ruwa ne. Ke nan giram ɗari na tsinkakken ganye, wanda bai wuce abin da mutum ɗaya zai ci a kwaɗo ba, daidai yake da gari giram 20 zuwa 25, wato babban cokali uku. Kafso ɗaya kuwa yawanci rabin giram ne ko ƙasa da haka, don haka mai haɗiyar biyu a rana rabin cokalin shayi yake sha. Farantin kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa da ɗan mai ya fi kafso arba'in yawan ganye, ga kuma mahaɗin da ke taimaka masa. Shi ma shayin zogale da ake tacewa a zubar da tuƙar, mafi yawan furotin da kalsiyam da beta-karotin a tuƙar suke zama.

Maganar suga da hawan jini

Ba a raba tallar zogale da zancen ciwon suga. Yawancin binciken da ake kafa hujja da shi a kan ɓeraye aka yi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne, gajeru, kuma sakamakonsu bai zo ɗaya ba. A ƙasar Tailan, a 2017, an ba masu ciwon suga giram 8 kullum har mako huɗu, ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu da waɗanda ba a ba su ba. A sansanin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke Aljeriya, a 2018, an zuba giram 20 a abinci ɗaya, aka ga sugan masu ciwon bai hau sosai ba bayan cin abincin, sai dai mutanen ba su ji daɗin ɗanɗano da launin abincin ba. A Sifen, a 2021, an ba waɗanda suganu ya fara hawa giram 2.4 kullum har mako goma sha biyu, aka ga ɗan sauƙi kaɗan.

Abin da za a iya ɗauka daga nan shi ne akwai alamar ɗan tasiri, amma bai kai matsayin magani ba. Hujjar da ake da ita a kan hawan jini ma ba ta fi wannan ƙarfi ba. Maganar cewa yana warkar da ciwo ɗari uku, ko kansa, ko ƙanjamau, ba ta da gwajin da ya tabbatar da ita a jikin ɗan Adam. Lambar hukumar NAFDAC a jikin robar maganin gargajiya ma ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce. Wanda ya duba da kyau yakan ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

To nawa za a sha?

Babu wata hukumar lafiya ta duniya da ta yanke adadin garin zogale na kowace rana kamar yadda ake yanke na magani. Abin da ake dogara da shi shi ne gwajin da aka yi a kan mutane. An ba wasu giram 8 kullum har kwana arba'in ba tare da an ga illa ba. A wani ƙaramin gwaji a Amurka kuma, an raba lafiyayyun manya gida uku, masu shan cokalin shayi ɗaya, da biyu, da uku, aka lura cewa ƙorafin ciki ya fi yawa a wajen waɗanda suka haura giram 7, ko da yake mai sauƙi ne kuma yana wucewa.

Bisa wannan, ga babba mai lafiya, cokalin shayi ɗaya zuwa uku a rana, wato giram 2 zuwa 6, adadi ne na hankali, kuma babban cokali ɗaya ya zama iyaka. Wanda bai saba ba ya fara da rabin cokalin shayi a cikin abinci na kwana uku ko huɗu. Idan ciki bai yi ƙorafi ba ya koma cokali ɗaya na mako guda, daga nan ya ƙara in yana so. Idan an kai cokali biyu ko uku, gara a raba, wani da safe wani da dare, kuma kada a sha da wofin ciki.

Alamar an zarce ba ta ɓuya: ƙugin ciki, kumburi, yawan tusa, tashin zuciya, ƙwannafi ko zawo. Da an ga haka sai a dakata kwana biyu, a dawo da rabin abin da ake sha. Idan kuwa ƙaiƙayi ne, ko ƙuraje, ko kumburin leɓe da fuska, to a daina gaba ɗaya a nemi asibiti.

Mai karatu zai iya tambaya: in farantin kwaɗo ya kai babban cokali uku kuma ba ya cutarwa, me ya sa za a taƙaita gari? Amsar ita ce ganyen kwaɗo dafaffe ne, an tsiyaye ruwansa, ana cin sa haɗe da wasu abubuwa, kuma ba kullum ba. Gari kuwa ɗanye ne, ana shan sa kowace rana wata da watanni, kuma duk dattin da ya shiga lokacin shanya yana nan a cikinsa.

Wannan adadi na lafiyayyu ne. Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya fara shawartar likitansa, domin zogale zai iya haɗuwa da maganin su sauke abin fiye da kima. Haka mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da mai shan maganin maƙoƙo, da mai ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda. Mai ciki ta tsaya ga ganyen a cikin abinci kamar yadda aka saba. Saiwa da ɓawon zogale kuwa ba abinci ba ne, suna ɗauke da sinadarai masu guba da ka iya motsa mahaifa, kowa ya nisance su.

Yadda ake gane gari mai kyau

Ingancin gari tun daga shanya yake farawa. A tsinko ganye daga bishiyar da ba ta bakin titi ko kusa da kwata, kuma ba a yi mata feshin maganin ƙwari kwanan nan ba. A cire masu rawaya da waɗanda tsutsa ta ci, a wanke da ruwa mai tsabta, a tsane, a zage ganyen daga itacensa. Sai a baza shi sama-sama a kan gidan sauro mai tsabta ko faifai, a ɗaki mai shan iska, nesa da ƙura da kaji da awaki, ana juyawa. Da hunturu kwana biyu zuwa uku sun isa, da damina yakan fi haka kuma sai an kula da funfuna. An san ya bushe idan aka murza shi ya ruguje tsakanin yatsu. Rana kai tsaye tana saurin busarwa, amma tana cinye beta-karotin ta mayar da ganyen ruwan ƙasa. Bayan daka da tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi wanda haske ba ya ratsawa, a yi amfani da shi cikin wata shida. Kilo huɗu zuwa biyar na zagaggen ganye ne ke ba da kilo ɗaya na gari.

Mai saye ya duba launi da ƙamshi. Gari mai kyau kore ne shar, yana ƙamshin ɗanyen ganye da ɗan yaji-yaji a harshe. Wanda ya koɗe ko ya yi ruwan ƙasa ya sha rana ko ya tsufa. Wanda ya dunƙule ko yake warin rima ya sha danshi, a zubar da shi. Idan aka kaɗa cokali ɗaya a kofin gilas na ruwa aka bari ya kwanta, yashi zai bayyana a ƙasa. Hanya mafi aminci ita ce a sayi busasshen ganyen da ido zai gani, a daka a gida.

Tsabta ba ƙaramar magana ba ce a nan. A 2016, mutane sama da talatin sun kamu da ƙwayar cutar salmonela a Amurka, kuma bincike ya gano cewa daga garin zogalen da aka haɗa a wani abin sha na kanti ta fito. Shi ya sa garin da ba a tabbatar da yadda aka shanya shi ba, gara a zuba shi a miya ko fate ko kunu yana kan wuta, minti biyu zuwa uku kafin a sauke. Za a yi asarar ɗan bitamin C da dama ba shi da yawa, amma kalsiyam da sinadarin ƙarfe da furotin suna nan. Wanda aka yi a gida da tsabta ana iya barbaɗa shi a dambu, ko fura da nono, ko wake da shinkafa, ko a haɗa da yaji.

Garin zogale busasshen ganyen miya ne mai kyau, ɗan'uwan kuka, kuma a wannan matsayi ya cancanci wuri a kowane madafi. Idan kana da lafiya, cokalin shayi ɗaya zuwa uku a cikin abinci mai ɗan maiƙo ya wadatar. Lokacin da ɗanyen ganye yake samuwa, ka ci shi a kwaɗo da dambu, kuɗin kafso kuma ka sayi ƙwai da wake da su. Idan kuwa ciwo ne yake damunka, ka je a auna ka, kada ka bar maganin likita saboda abin da aka rubuta a jikin roba.